Ɗaukar hoton tebur ko bugawa da hannu?

Tambaya: "Ina da takardar farashin kaya a shagona na Garwa, layi 12 ce, ginshiƙi uku. In ɗauki hotonta a Excel ko in buga da hannu?"

Malam, a ganina bugawa ta fi maka, domin lambobi da sunaye 36 ba za su ci maka minti goma ba, alhali Data from Picture, wato sashen Excel da ke karanta tebur daga hoto, sai da intanet yake aiki, kuma dole ka sake duba kowane gida bayan ya karanta. Babbar matsalar tana wajen farashin sefa, wanda muke rubutawa kamar 12 500, da tazara a tsakiya. Manhajar tana iya raba shi gida biyu, ko ta ɗauke shi a matsayin rubutu. Za ka gane haka idan lambar ta jingina hagu, umarnin tara lambobi na SUM kuma ya tsallake ta. Idan takardar rubutun hannu ce, kurakuran sun fi yawa.