Zaman Ciniki da Kamfanin Shinkafa: Wa Ke da Wuƙa da Nama?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Kura. Bara mun zauna da wakilin wani kamfanin casa, muka yanke farashin shanshera har muka yi musabaha. Da kaya suka isa sai kamfanin ya ce bai san da maganar ba. Bana za mu sake zama a kan tan 300, kuma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan shirya zaman?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka sa ranar zama ta waya. Rubuta wasiƙa ka aika kwana goma kafin ranar, ɗauke da rana, lokaci, wuri da tsawon zaman, misali Talata daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Ka kauce wa Juma'a da ranar kasuwarku. Ka nemi su amsa a rubuce kwana uku kafin zaman, su faɗi sunan wanda zai zo da muƙaminsa.

Abin da ya cinye ku bara shi ne kuskuren da kullum ake kawo wa lauyoyi: zaton cewa duk wanda ya sauko daga motar kamfani, da kati a wuya, ana kiransa Manaja, to bakinsa bakin kamfani ne. Ba haka ba ne. A dokar kamfanoni ta 2020, gudanar da kamfani yana hannun hukumar daraktoci da waɗanda ta ba iko. Jami'in sayen kaya sau da yawa an yanka masa iyaka, ko ta kuɗi ko ta yawan kaya, abin da ya haura sai an sa hannu daga sama. Wani ma ba ma'aikaci ba ne sam, ɗan kamasho ne da ya iya baki. Shi ne mai cewa "ai ni da Oga ɗaya muke, ku loda kaya kawai." Ran da farashi ya faɗi a Dawanau ba za ka sake samun lambarsa ba.

Za ka ji masu lauyancin bakin titi suna cewa ai tunda kamfani ne ya turo shi, kotu za ta tilasta wa kamfanin. I, doka ta san da haka, idan kamfanin da kansa ya nuna muku cewa mutumin yana da iko. Amma ku ne za ku kawo hujja, kuma kafin a gama shari'a shanshera ta jiƙe a bakin ƙofar kamfani, direban tirela yana cajin kuɗin kwana. Wa ya aike ku wannan wahala alhali takarda ɗaya ta isa? Ku nemi takardar izini a kan takardar kamfani mai tambari, da sa hannun darakta, wadda ta faɗi sunan wakilin, abin da zai iya yankewa a wurin, da abin da sai ya koma ya tambayo. Sunan daraktan kuma a duba shi a bayanan kamfanin da ke CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Idan kuka ga an rubuta "subject to contract" ko "subject to management approval" a saman wata takarda, to ku sani ba a ɗaura komai ba tukuna, kada a loda ko buhu ɗaya.

Ku ma haka. Kwamitin ƙungiya ya zauna tun kafin ranar, ya rubuta wanda zai yi magana da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Mutum uku sun isa: mai magana, mai rubutu, da wanda ya san kaya. Takardar da za ku nuna musu ta faɗi sunaye kawai, farashin ƙarshe ya zauna a cikinku.

Sai ajanda, a haɗa ta da wasiƙar. Kowa farashi yake ɗoki, amma a bar shi sai an gama da inganci da awo. A fara da danshi: kashi 14 cikin ɗari aka saba nema, to na'urar wa za a gwada da ita, a gona ko a kamfani, kuma nawa za a zaftare idan ya haura? Sannan sikelin wa za a bi. Duba lissafin: tan 300 buhu 3,000 ne masu kilo 100. Idan aka ce za a cire kilo 2 a kowane buhu saboda datti, tan 6 kenan suka tafi, ko da kun ci nasarar farashi. Bayan nan a zo kan farashi, ranar biya, mai ɗaukar kuɗin mota, da makomar kayan da aka ƙi karɓa. A ƙasan ajandar a rubuta cewa batun da ba ya ciki sai wani zaman.

Idan ranar ta zo suka turo wani ba tare da takardar izini ba, ku karɓe shi da mutunci, ku rubuta a rahoton zaman cewa tattaunawa ce kawai, ku sa wata rana. Idan kuma mai ikon ne ya zo, mai rubutu ya karanta abin da aka amince a kai kafin a tashi, ɓangarorin biyu su sa hannu a kowane shafi, kowa ya tafi da kwafinsa.