Na canza taken shafina a LinkedIn, alƙaluma biyu sun saɓa wa juna: wanne zan bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ce, ina neman canjin wurin aiki. Da can taken shafina a LinkedIn sunan muƙamina ne kawai da na kamfaninmu. Makon jiya na mayar da shi `Passionate finance professional | Helping businesses grow`. Sai Search appearances ya sauko daga 41 zuwa 23, amma Profile views ya hau daga 60 zuwa 74. Ranar da na canza ɗin na kuma wallafa wani ɗan rubutu. Sabon taken ya yi aiki ne, ko ɓata min shafi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Daga cikin alƙaluman nan biyu, na bincike, wato Search appearances, shi kaɗai ya faɗi wani abu game da takenki, kuma abin da ya faɗa ba mai daɗi ba ne. Hawan da ɗayan ya yi kusan ba shi da alaƙa da canjin. Bari in fara da shi, don shi ne ya fi yaudarar mutane.

Lambar da ke gefen Profile views jimillar kwana 90 ce, ba ta mako guda ba. Kullum gari ya waye, wata sabuwar rana tana shiga lissafin, mafi tsufa kuma tana fita. Sabon takenki kwana bakwai kacal ya yi a cikin casa'in ɗin nan, sauran 83 duk na tsohon ne. Ƙarin 14 da kika gani ma ba yana nufin mutum 14 ne suka leƙa a makon ba. Ma'anarsa ita ce makon da ya shigo ya fi makon da ya fita da 14. Idan makon da ya fita shiru ya yi, lambar za ta hau ko ba ki taɓa komai ba. Sannan ga rubutun da kika wallafa. Duk wanda ya gan shi ya ga sunanki da hotonki, wasu kuma sun danna. Haka sharhi a ƙarƙashin rubutun wani yake yi, haka tura gayyata, haka neman gurbin aiki, har ma leƙa shafukan mutane, domin da yawa in suka ga kin leƙa nasu sai su rama ziyara. Ƙofofin shigowa shafi suna da yawa, bincike ɗaya ne daga ciki.

Shi kuwa Search appearances na mako guda ne, yana ƙirga sau nawa shafinki ya fito a sakamakon binciken da wani ya yi. Fitowa ba dannawa ba ce, kuma wanda ya rubuta sunanki ya neme ki shi ma yana cikin ƙidayar. Duk da haka shi ne ya fi kusa da kalmomin da ke shafinki, saboda injin binciken kalmar da mai nema ya rubuta yake ɗauka ya je ya dubo shafukan da ke da ita. To ki tambayi kanki: mai ɗaukar ma'aikata da ke buƙatar akanta, me zai rubuta a akwatin bincike? `Accountant` zai rubuta, ko `Payroll`, ko sunan manhajar da ofishinsu ke aiki da ita. Ban taɓa ganin wanda ya zauna ya rubuta `Passionate` yana neman ma'aikaci ba. Kin cire kalma ɗaya tak da ake nemanki da ita, kin maye gurbinta da waɗanda ba mai nema. Abin da ya sa ba ki ɓace gaba ɗaya ba shi ne injin yana karanta sauran shafin, wato muƙamanki a Experience, da Skills, da About, kuma kalmar tana nan a can.

Amma daga 41 zuwa 23 ya isa hujja? Akwai ɗan lissafin da nake amfani da shi a irin waɗannan ƙananan ƙidayar, kuma ke akanta ce, ba zai ba ki wahala ba. Ki tara lambobin biyu, ki nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar, sai ki ninka ta biyu. Bambancin da bai kai wannan ba, ki ɗauke shi a matsayin hawa da saukar da ake samu ko ba a canza komai ba. A naki, 41 da 23 sun zama 64, wato 8 sau 8, ninki biyu 16. Bambancinki 18 ne. Ya haura, amma da ƙyar. Kuma wannan ma'auni sassauci yake yi, domin bincike ba ya zuwa a jere daidai. Mutum ɗaya da ke neman cike gurbi zai iya yin bincike goma a yini ɗaya ki fito a dukansu, mako mai zuwa ya samu wanda yake so ya daina. Don haka mako guda alama ce kawai. Abin da ya sa na yarda da ita a nan shi ne ta zo daidai da dalilin da muke iya gani da ido: kalmar ta fita, fitowa ta ragu.

Yanzu ga yadda za ki yi gwajin da za a iya dogara da shi.

Ki fara mayar da tsohon taken, ki bar shi mako huɗu. Na san ba abin da kike son ji ba ne, amma in ba ki san yadda shafin yake tafiya da kansa ba, ba ki da abin da za ki gwada sabo da shi. Ki buɗe jadawali a Excel ko ma littafi, ki zaɓi rana ɗaya a mako, ki riƙa rubuta adadin fitowa a bincike, da adadin masu leƙawa na makon kaɗai. Wannan na biyun za ki same shi a zanen da ke cikin shafin masu leƙawa, ba a babbar lambar waje ba. Ki ƙara gurbin da za ki rubuta abin da kika yi a makon: rubutu nawa, sharhi nawa, gayyata nawa, neman aiki nawa. Rubutawar dole ce, domin alƙaluman bincike na makon da ya wuce sabo yana maye gurbinsu. Ki kuma danna ciki ki kwafe bayanin da aka nuna game da masu binciken, irin aikinsu da wuraren da suke aiki, da muƙaman da aka same ki da su idan asusunki yana nunawa. LinkedIn yana yawan sauya tsarin wannan shafi, kuma a wasu asusun yana haɗa fitowa a bincike da fitowa a rubuce-rubuce da sharhi. In naki haka yake, kason bincike kaɗai za ki ɗauka.

Bayan mako huɗun sai ki sa sabon take, misali:

```
Accountant | Payroll, Tax Returns, QuickBooks
```

Kada ki zaɓi kalmomin da ka. Ki buɗe tallan guraben aiki goma irin wanda kike so, ki ga kalmomin da suka fi maimaituwa, ki ɗauki waɗanda da gaske kin iya. Gurbin taken, wato Headline, yana ɗaukar haruffa 220, amma ba duka ake gani ba. A waya, a jerin sakamako ko a saman sharhi, ana yanke shi bayan 'yan kalmomi. Ki roƙi wata ƙawarki ta nemo ki a wayarta ta nuna miki inda ya yanke, ki tabbata sunan aikin ya zo kafin nan.

A tsawon gwajin kada ki taɓa hoto, ko About, ko Skills, ko garin da kika sa a shafin, kuma kada ki kunna ko kashe Open to work, alamar da ke nuna kina neman aiki. Yawan rubutu da sharhi ma ki riƙe su kamar yadda suke a makonnin farko. Nan ne yawancin gwaje-gwaje suke rushewa: mutum ya samu kuzari ya gyara abu biyar a dare ɗaya, lamba ta motsa, ya rasa wanne ya motsa ta. Makon da kika yi canjin kuma ki jefar da shi, tunda rabinsa na tsoho ne rabinsa na sabo.

Mu ɗauka, don misali kawai, tsohon taken ya ba ki 41, 35, 44, 38, jimilla 158. Sabon ya ba ki 52, 47, 39, 55, jimilla 193. A ido an samu ci gaba. Amma 158 da 193 sun zama 351, wanda ya kusa 19 sau 19, ninki biyu kusan 38 ke nan, bambancin kuwa 35. Bai kai ba. Ki lura ma mako na uku na sabon, 39, bai kai makonni biyu na tsohon ba. Da a ranar kika duba kika yanke hukunci, da kin cire take mai kyau.

To sai a yi yaya? A nan ne nake barin adadi in koma kan su wa ke binciken. Idan a da masu samunki yawanci abokan aikinki ne da 'yan talla, yanzu kuma kin fara ganin masu ɗaukar ma'aikata da manajojin kuɗi, ko muƙaman da aka same ki da su sun fara ƙunsar aikin biyan albashi, taken ya yi abin da aka sa shi, ko da jimillar ba ta motsa ba. Ni a wurina fitowa 30 a gaban masu ɗaukar akanta ta fi 60 a gaban waɗanda ba ruwansu da aikinki. Sai dai jerin gajere ne, manyan rukuni kaɗan yake nunawa, kuma wasu suna leƙawa a ɓoye ta Private mode, ba za ki san su ba. Ke ma idan kika kunna shi a asusun kyauta, za ki daina ganin masu leƙa naki, don haka ki bar shi a kashe har ki gama.

Sai ki haɗa alƙaluman biyu na mako-mako. Idan fitowa ta ƙaru amma masu leƙawa suna nan yadda suke, injin yana kawo ki gaban mutane, su ne ba sa dannawa. Matsalar tana abin da ido ke gani, sau da yawa take ne da aka cika shi da kalmomi goma sha biyu a jere har ba a gane wane aiki mutum yake yi. Ki rage, ki bar uku ko huɗu. Idan masu leƙawa sun ƙaru fitowa ba ta ƙaru ba, ki duba gurbin ayyukanki na makon kafin ki yaba wa taken. Idan duka biyun sun sauka tare, ki duba kalanda tukuna, domin lokutan hutu da ƙarshen shekara ɗaukar ma'aikata yana lafawa. Hanyar raba wannan gardama ita ce ki mayar da tsohon taken na mako biyu ko uku. In lambar ta ci gaba da zama ƙasa, lokaci ne ya jawo, ba kalmominki ba.

Akwai iyaka ɗaya da ya kamata ki sani. Wanda fitowarsa ba ta wuce biyar ko shida a mako ba, wannan gwaji ba zai nuna masa komai ba ko ya yi wata uku, kuma galibi ƙarancin abokan hulɗa ne matsalarsa, tunda sakamakon bincike yana la'akari da kusancin mai nema da wanda ake nema. Ke da kike kusa da 40 kina da abin aunawa. Ki sa kalmar `Accountant` ta koma farkon layin yau ɗin nan, ki fara cike jadawalin daga mako mai zuwa.