Gwajin basirar yaro kurma: yadda za a yi ba a ƙware shi ba

Tambaya: Ni malamar firamare ce. An kawo mana yaro kurma ɗan shekara 9, an yi masa gwajin basira da tafinta, aka ce wai ƙwaƙwalwarsa ba ta ja. Ni kuwa ina ganin wayonsa kullum a aji. Yaya za a sake gwajin?

Amsa: Malama, ki fara binciken ko yaron da tafintan ma sun fahimci juna. Maganar hannun da ake koyarwa a yawancin makarantun kurame a Najeriya tushenta na Amurka ne, tun zamanin Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Ta sha bamban da maganar hannu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwa da unguwa. Wani yaron ma ko ɗaya bai iya ba, sai alamun da suka ƙirƙira da mahaifiyarsa. A ba yaron da tafintan kamar minti 15 su yi hira tukuna. In kika ga yaron yana ta gyaɗa kai ko yana maimaita alamar tafinta, bai gane ba. Nan ake neman babban kurma ɗan yankin ya shiga tsakani.

Tambayoyi irin su "mece ce ma'anar jarumta?" suna auna yaren da yaro ya samu ne, in kuwa an haife shi cikin masu ji, bai taɓa tsintar hirar gida ba. A zaɓi aikin ido da hannu, kamar gwajin Raven mai launi, inda yaro ke cike giɓin zane a hotuna 36, ko Leiter-3 da ake ba da umarninsa da nuni kawai. A nan ma a tabbatar yaron ya wuce misalan gwaji kafin a fara ƙirga maki.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne amsa tana zubewa daga hannun tafinta. Na taɓa cewa a tambayi wata yarinya kusurwa nawa alwatika ke da ita. Tafinta ya zana alwatikar a iska, ita kuwa ta ƙirga abinta. Dole na soke tambayar. Haka "nuna mini hancinki", domin alamar hanci taɓa hanci ce. Tun daga nan nake zama da tafinta kafin ranar, mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, mu amince ba ƙarin bayani, ba gyara amsar yaro.

Tafinta ya zauna gefen mai gwaji, haske a fuskarsa, kada taga ta kasance bayansa. Yaron ba zai iya kallon takarda da hannu a lokaci guda ba, don haka a gama umarni, ya ɗora ido kan aikin, sannan a danna agogo. Iyaye kuwa kada su yi tafinta, tausayi kan sa su taimaka. A rahoton a rubuta yaren da aka yi amfani da shi da duk abin da aka sauya.