Saƙon da Ake Fara Bi a Ɗakin Labarai

Tambaya: Malam, ni aka ɗora wa duba lambar WhatsApp ta gidan rediyonmu a Katsina, kuma kullum nakan wayi gari da saƙonni rututu. Da wanne zan fara, kuma wanne ne ke buƙatar dogon bincike?

Amsa: Malama, tambaya biyu ake yi wa kowane saƙo, kuma ba a cakuɗa su: me za a rasa idan aka jinkirta shi, sannan wa zai cutu idan aka watsa shi ya tashi ƙarya. Ta farko tana nuna miki lokacin da za ki fara bincike, ta biyu kuma zurfin da binciken zai yi.

A ce da sassafe kin tarar da bidiyon wuta na ci a Babbar Kasuwar Katsina, da takardar da ke zargin wani jami'in ƙaramar hukuma da cin kuɗi, da sanarwar taron wata ƙungiya.

Bidiyon za ki fara bi, domin akwai rai da dukiya a ciki, amma kasuwar nan ta taɓa yin babbar gobara a watan Maris na 2021, kuma tsofaffin hotuna kan dawo da sabon bayani. Idan kika ga an rubuta "Forwarded many times" a saman saƙon, to akwai alamar ba mai turowar ne ya ɗauka ba. Ki kira shi, kada ki tsaya rubutu, ki tambaye shi inda yake tsaye da layin da wutar ta kama. Wanda ya gani da idonsa zai ce miki ga layin, ga shagon da ke kusa, wanda aka turo wa kuwa sai ya ce, "Wallahi ni ma a guruf na gani." Daga nan ki ɗauki hoton wani ɓangare na bidiyon ki saka a Google Lens, manhajar binciken hoto a intanet, ki ga ko ya taɓa fitowa, sannan ki kira hukumar kashe gobara da wani ɗan kasuwa da kika sani. Mutum goma da suka turo bidiyo guda, majiya ɗaya ce a wurina.

Takardar zargin ba ta da gaggawa ko da mai turowar ya cika ki da kira, sai dai ta fi kowanne nauyi, tunda mutuncin mutum ne kuma ana iya maka gidanku a kotu. Hatimi da sa hannu ba su da wuyar kwaikwayo. Ki miƙa ta ga edita, ki ɓoye sunan mai turowa, a nemi wanda zai tabbatar da takardar daga ofishin da aka ce ta fito, a kuma ji ta bakin wanda ake zargi, ko da hakan zai ci mako guda.

Sanarwar taron kuwa, kira ɗaya ga sakataren ƙungiyar ya wadatar, a tabbatar da rana da wuri.