Bidiyon ragon layya ba a jajiberin Sallah ake ɗora shi ba

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramar tasha a YouTube kan noma da kiwo, daga wani ƙauye kusa da Ringim. Na yi bidiyon yadda ake zaɓen ragon layya, na ɗora ana gobe Sallah, amma ko mutum ɗari ba su kalla ba. Taken ne bai yi ba, ko lokacin ne? Yaya kuke tsara na Sallah da na kaka da na jarrabawa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Lokacin ne ya fi cutar da kai, take ya biyo baya. Ana gobe Sallah, mai sayen rago ya riga ya ɗaure nasa a turke, wanda bai saya ba kuma yana tsakiyar kara yana ciniki, ba ya duba waya. Ni ma na taɓa yin irin wannan da bidiyon adana wake: sai da na ga gunda ta fara cin namu a Janairu na tashi yin sa, alhali masu neman maganin tun Nuwamba suka ɗure nasu a buhu.

Abin da na gane daga baya shi ne, Sallah ɗaya ce amma binciken da ake yi a kanta kashi-kashi ne, kowane da ranarsa. Ɗauki Babbar Sallar 2025, wadda ta faɗo 6 ga Yuni. Mai kiwon rago don sayarwa yana buƙatar kamar wata uku yana ba shi dusa da kowa da harawa. In ka ƙirga kwana 90 baya, za ka sauka a 8 ga Maris, a farkon mako na biyu na azumi. Ka ga bidiyon "yadda ake kiwon ragon layya" tun Fabrairu ya kamata ya kasance a sama. Akwai kuma waɗanda sai an yi Ƙaramar Sallah suke shiga kasuwa su sayi na kiwo. A waccan shekarar, 30 ga Maris aka yi ta, saura kwana 68. Su tambayarsu daban ce, abincin da zai sa rago ya yi ƙiba da wuri suke nema. Mai zaɓen rago, wanda ka yi wa bidiyo, yana fara dubawa ne tun kafin a ga watan Zulhijja, shi ya sa nake sakin irin naka saura mako huɗu zuwa biyar. Na farashi a kasuwar Wudil ko Maigatari shi kaɗai ke son kusa, don farashin mako uku baya ba ya amfanar kowa. Na soya nama da yin dambu da kilishi kuwa, saura mako biyu ya isa.

Dalilin ɗora bidiyo da wuri ba wai YouTube na daɗewa kafin ya san da bidiyon ba ne. Cikin ɗan lokaci za ka iya samun sa in ka rubuta takensa. Matsalar ita ce sahun da zai tsaya. Ranar da jama'a suka yi ca a kan kalmar, bidiyon da ya yi makonni ana danna shi ana kallo har ƙarshe ya riga naka da aka haifa jiya. Wannan 'yan kallon na farko, ko ba su da yawa, su ne jarinka.

A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Sai mutum ya ɗora da wuri ya zaɓi `Schedule`, ya sa ranar jajiberi, yana ganin ya riga kowa. Bidiyon da aka tsara haka a ɓoye yake har ranar, ba mai samun sa a bincike. Amfanin `Schedule` a wurinmu na ƙauye daban ne: ranar da na shiga Gaya inda sabis ke da ƙarfi, nakan zauna a shagon masu cajin waya in ɗora uku ko huɗu lokaci guda, kowane in sa masa ranar fitarsa. Ranar da ya zama `Public` ita ce ake ƙirgawa.

Kada kuma ka kwafi kwanan watan bara. Watan Musulunci yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara: 16 ga Yuni aka yi Babbar Sallah a 2024. Don haka ina da kalanda biyu a bayan littafina. Sallah da azumi da Mauludi suna bin wata, kaka da jarrabawa suna bin watan Bature. Gero wajen Satumba, wake Oktoba zuwa Nuwamba, dawa daga Nuwamba, alkamar rani irin ta Kadawa da Haɗejia wajen Maris zuwa Afrilu. Jarrabawa ba fagena ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce. JAMB takan faɗo wajen Afrilu, sai dai yaro tun Janairu ko Fabrairu yake neman yadda zai samu lambar rajista da NIN ɗinsa, na duba sakamako kuma sai bayan an fito. Kowanne bidiyonsa daban.

Sai maganar take. Rubuta shi yadda mutum ke rubutawa a akwatin bincike, ba yadda kake gaisuwa ba. "Barka da Sallah masoyana, ku kalli wannan" ba mai neman sa. Buɗe YouTube ka fara rubuta "yadda ake kiwon", ka ga abin da zai ƙarasa maka. Kalmomin mutane ne. An ba ka harafi 100, amma a waya ƙarshen yakan yanke, saboda haka kalmar da ake nema ta zo farko. Nawa ga yadda yake:

```
Yadda ake zaben ragon layya: duba hakori, ido da kafa kafin ka biya
```

Da gangan na cire ƙugiyar haruffa, don yawancin mutanenmu "zaben" da "hakori" suke bugawa. A layi biyun farko na bayani sai in maimaita maganar da cikakkiyar jimla da rubutu daidai, in ambaci kasuwar da na ɗauka. `Tags`, wato kalmomin da ake maƙala wa bidiyo, kada ka ɓata dare a kansu, YouTube da kansa ya ce tasirinsu kaɗan ne sai ga kalmar da ake saɓa rubutunta. Mu kuwa muna da irin waɗannan: layya, laiya, sallah, salla. Shekara kuma a bidiyon farashi kawai nake sawa, don ita ke kashe bidiyo da zarar ta wuce.

Game da sanin ranar da bincike ke tashi, `Google Trends` yana taimakawa in ka zaɓi Najeriya da `YouTube Search` da `Past 5 years`, amma kalmomin Hausa da yawa zai nuna maka ba shi da isassun bayanai. Ga JAMB da WAEC yana aiki sosai. Ga rago da wake, tasharka ta fi shi gaskiya. Shiga `YouTube Studio`, ka buɗe `Analytics` na bidiyon, ka duba inda masu kallo suka fito, ƙarƙashin `YouTube search` za ka ga ainihin kalmomin da suka rubuta. In an nuna shi da yawa ba a danna ba, take ko hoton fuskar bidiyon ne ke da laifi. In ba a ma nuna shi ba kuma lokacin ya wuce, ka makara ne kawai.

Wannan naka kada ka goge shi, kuma kada ka sake ɗora shi sabo. Zaɓen rago ba ya tsufa. Bar shi a nan, in an sha ruwan azumin ƙarshe ka gyara take da hoton fuska da layin farko na bayani, ka tura shi zaurukan makiyayan yankinku saura mako biyar. Bayan Sallah ka duba ranar da layin kallo ya fara hawa, ka rubuta saura kwana nawa ne a lokacin. Da wannan lambar za ka ƙirga ta baɗi.