Amsa a kan sarrafa waya da murya ga wanda hannuwansa ba su aiki

Tambaya: "Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena ya yi hatsarin babur, ya samu rauni a lakar wuya, yanzu yatsunsa ba su iya danna waya, amma maganarsa garau take. Turancinsa kaɗan ne. Ko akwai yadda zai riƙa amfani da wayarsa ta Android da murya kawai, musamman WhatsApp, ba sai ya jira wani ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma da kuke jinya Allah ya ba ku lada.

Akwai hanya, kuma kyauta ce. Manhajar da yake buƙata sunanta Voice Access, kamfanin Google ne ya fitar da ita ga kowa a 2018, ana kuma samun ta a Play Store. Kada a haɗa ta da mai amsa tambayar nan da ake kira da "Hey Google". Shi wancan yana iya buga kira ko saita ƙararrawa, amma ba ya iya danna kowane maɓalli a cikin kowace manhaja. Ita Voice Access tana tsayawa ne a madadin yatsa: tana dannawa, tana ja sama da ƙasa, tana komawa baya. Ba ta jin Hausa, wannan gaskiya ne, sai dai abin da take buƙata daga bakinsa bai wuce 'yan kalmomin Turanci kaɗan ba, tare da ƙirga daga ɗaya zuwa talatin ko makamancin haka. Mutumin da ya yi firamare zai iya riƙe su. Ga 'yan uwanmu na Nijar da suke wannan zaure, tana karɓar Faransanci ma.

Kafin komai a duba wayar. Idan ƙaramar waya ce mai Android Go, irin wadda manhajojinta suke ɗauke da kalmar Go a ƙarshen sunansu, to sau da yawa ba ta da cikakkiyar manhajar Google da Voice Access take dogara da ita, kuma kiran waya da "Hey Google" ba tare da taɓa ta ba yakan gagara. Idan za a saya masa wata, a gwada manhajar a shagon kafin a biya kuɗi.

Saitin farko sai da mai hannu, kuma ke za ki yi shi a gabansa. Ki sauke manhajar, ki sabunta manhajar Google, sannan ki shiga Settings, ki zaɓi Accessibility, ki kunna Voice Access, ki amince da izinin da ta nema. Daga nan ki shiga saitin Google ki kunna "Hey Google", amma a nan shi ne zai yi magana lokacin da wayar take koyon murya, ba ke ba, domin muryar da ta koya ita za ta riƙa amsawa. Ki bar harshen wayar a Turanci, saboda sunayen maɓallan da za ta nuna su dace da abin da take iya ji. Bayan wannan, duk lokacin da ya ce "Hey Google, Voice Access", za ta fara sauraro, kuma duk abin da ta ji daga bakinsa zai bayyana a rubuce a saman fuskar wayar. Wannan rubutun na sama shi ne abin da za ku riƙa kallo a kwanakin koyo, domin shi ke nuna ko kuskuren daga furuci ne ko daga wayar.

Shawarata a nan ita ce kada ya wahalar da kansa da kiran maɓallai da sunayensu. Ya yi amfani da lambobi. Idan ya ce "Show numbers", wayar za ta ɗora ƙaramar lamba a kan duk abin da za a iya dannawa a fuskarta, shi kuma sai ya kira lambar. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce mahaifiyarku ta aiko masa da saƙon murya, yana so ya saurara sannan ya kira ta. Ga abin da zai faɗa, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan dakatawa tsakaninsu har fuskar wayar ta canza:

```
Hey Google, Voice Access
Open WhatsApp
Show numbers
Tap 6
```

Na ce 6 ne a matsayin misali, wato lambar da ta faɗo a kan sunan Mama. Da zarar hirar ta buɗe, lambobin za su sake rabuwa, don haka 6 ɗin ɗazu ba ita ce 6 ɗin yanzu ba, kuma wannan shi ne kuskuren da masu koyo suka fi yi: suna haddace lamba maimakon su karanta ta. Zai duba lambar da ke kan alamar kunna saƙon, ya kira ta, ya saurara. Idan saƙon yana can sama sai ya ce "Scroll up". Idan ya gama, ya duba lambar da ke kan alamar kira a saman hirar, ya kira ta, kiran ya tafi. Idan ya shiga inda bai yi niyya ba, "Go back" za ta mayar da shi baya, "Go home" kuma ta fitar da shi gaba ɗaya. Za ki sauƙaƙa masa sosai idan kika maƙale hirarrakin mutum uku da ya fi magana da su a saman WhatsApp, domin manhajar tana ba da damar maƙale uku, ta yadda kullum suna nan a gabansa ba sai ya yi ta nema ba.

Wani lokaci abin da yake son dannawa ba zai samu lamba ba, domin wanda ya ƙera manhajar bai yi wa maɓallin suna ba. A nan sai ya ce "Show grid". Fuskar wayar za ta rabu gida-gida, kowane gida da lambarsa, ya kira lambar gidan da maɓallin ya faɗa ciki. Idan gidajen sun yi girma har maɓalli biyu suka shiga gida ɗaya, "More squares" za ta ƙanƙanta su.

Yanzu batun aika saƙo da Hausa, wanda na san shi ne ainihin damuwarki. Idan ya ce "Type" ya bi da jimlar Hausa, wayar za ta neme ta a cikin kalmomin Turanci, ta rubuta abin da ba shi da ma'ana. Saƙon murya kuma yana da tasa matsalar: an tsara maɓallinsa ne a danna a riƙe, umarnin "Long press" kuwa yana dannawa ne na ɗan lokaci ya saki, sannan ga WhatsApp da Voice Access suna neman makirfo ɗaya a lokaci guda, abin da wayoyi suka bambanta wajen warware shi. Ku gwada a tasa wayar, amma kada ku ɗora dogaronsa a kai. Hanyar da ta fi tabbas biyu ce. Ta farko ita ce kira, wanda ya riga ya iya. Ta biyu ita ce allon rubutu na Gboard, wanda Google ya ƙara wa rubutu da muryar Hausa a 2024. Ki saka Hausa a cikin harsunan Gboard. Shi kuma idan ya buɗe hira, ya danna wurin rubutu da lamba, ya ce "Show keyboard" idan allon bai fito ba, ya danna alamar makirfon Gboard da lamba ko da gidajen nan, sannan ya faɗi saƙonsa da Hausa a natse. Idan ya yi shiru allon zai daina sauraro, sai ya sake tayar da Voice Access idan ta tsaya, ya ce "Tap send". Wannan yana buƙatar data, kuma rubutun ba ya rasa kurakurai, musamman a sunayen mutane, amma wanda aka aika wa zai gane.

Furuci yana da ɗan aiki. Mu Hausawa mukan mayar da harafin ƙarshe na "Tap" ya koma kamar f, sannan "thirteen" da "thirty" sukan zo wa wayar iri ɗaya. Idan kuka ga rubutun sama yana nuna wata kalma dabam, to ya maimaita a hankali ba tare da ɗaga murya ba, domin ihu ƙara rikita ta yake yi. Akwai kuma saitin da ake kira "Require verbs". Idan a kashe yake, kiran lamba kaɗai ya isa, ba sai ya ce "Tap" ba, wanda sauƙi ne gare shi. Amma idan ɗakin na cike da masu dubiya, gara a kunna shi, don kada wani ya ambaci lamba a hira wayar ta danna abin da ba a so. Idan baƙi suka shigo, ya ce "Stop listening".

Abin da ya fi kashe wannan tsari a gidajenmu ba manhajar ba ce, yanayin ɗakin ne. Ƙarar janareta, fanka a kusa da kai, ko rediyo a kunne, duk suna hana ta ji. A saya masa abin riƙe waya mai wuya da ake ɗaurawa a jikin gado ko keken guragu, a daidaita shi daidai idonsa, ba nesa da fuska ba, domin dole ne ya iya karanta ƙananan lambobin nan. Idan sun yi masa ƙanana a ƙara girman rubutu a Settings. Abin saurare na kunne mai makirfo yana rage matsalar hayaniya ƙwarai. Sauraro na dindindin yana cin batir, saboda haka a bar caja ko ma'ajin caji a haɗe. Sannan ki shiga saitin batir ki cire Voice Access da manhajar Google daga cikin waɗanda wayar take rufewa don tanadin caji. Alamar wannan matsala ita ce komai yana aiki da safe, amma bayan wayar ta jima a ajiye sai ya kira ta ta yi shiru.

Kulle waya shi ne wurin da ake buƙatar taka-tsantsan. Zanen yatsa da tambarin yatsa ba za su yi masa ba, don haka a mayar da kullen ya zama lambar sirri, ko buɗewa da fuska idan wayar tana da shi. A tsawaita lokacin da fuskar wayar take ɗauka kafin ta mutu, a kuma kunna "Activate for incoming calls" a saitin Voice Access, domin idan kira ya shigo ta farka da kanta ya ce "Answer call". Amma ki sani, idan wayar ta mutu saboda caji ko ta sake kunna kanta, buɗewar farko sai an sa hannu. Saboda haka kada a bar shi shi kaɗai da dare da tunanin waya ta wadatar. A tabbatar akwai wanda zai ji kiransa daga ɗaki na kusa. Lambar sirrin banki kuma kada ya furta ta a gaban mutane, ya bari sai ɗakin ya zama shi kaɗai ko da wanda ya amince da shi.

Idan wata rana ya koma iPhone, irin wannan tsari yana ciki tun daga iOS 13 na 2019, sunansa Voice Control, a ƙarƙashin Accessibility, kuma "Show numbers" da "Show grid" suna aiki a can ma, bayan an sauke fayil ɗinsa sau ɗaya ba ya buƙatar data.

A ranar farko ku tsaya a kan abu ɗaya kawai, wato buɗe WhatsApp da kiran mutum guda, ki zauna kusa da shi amma kada ki kai hannu ki gyara masa idan ya ɓata, ki bari ya fita da "Go back" da kansa. Idan wannan ya zauna, sai ku wuce zuwa sauraron saƙonni, daga baya ku zo kan Gboard. Ki turo mini sunan wayar da lambar Android ɗinta daga About phone, zan faɗa miki inda saitin batirin yake a irin tata.