Adashin wata-wata da FV, lissafin Excel mai nuna abin da ajiya za ta kai nan gaba: ina aka yi kuskure?

Tambaya: Ina aiki a Jidda, ina ajiye riyal 500 duk ƙarshen wata. Na ƙaddara ribar kashi 6 cikin ɗari a shekara har shekara 5, na rubuta `=FV(6%,60,-500)`, sai ya ba ni fiye da riyal 266,000. Anya kuwa?

Amsa: Malam, FV ba ya sanin wata ko shekara, zango kawai yake ƙirgawa. Da ka ba shi zango 60 tare da 6%, ya ɗauka cewa kowane wata kuɗinka na haihuwar kashi 6, ribar kuma tana hawa kan riba har sau sittin, shi ya sa adadin ya kumbura haka.

Tunda zubin na wata-wata ne, dole a raba ribar shekara gida 12, a kuma ninka shekarun sau 12:

```
=FV(6%/12,5*12,-500)
```

Wannan zai ba ka kimanin riyal 34,885. Abin da ka zuba da hannunka riyal 30,000 ne, wato 500 sau 60, saboda haka ribar ba ta wuce 4,885 ba. Ni kullum da wannan nake fara gwada sakamako, domin idan ya ninka jimillar zubi sau tara a shekara biyar, ko kuma ya gaza ta alhali akwai riba, to zangon da ribar ba su dace ba. Wanda ya raba ribar amma ya bar 5 a gurbin zango zai ga kusan 2,525, domin wata biyar kacal aka lissafa masa.

Alamar ragi a gaban 500 tana nufin kuɗin da ke fita daga aljihunka. Kuma idan jarin na mudaraba ne, kashi 6 ɗin hasashe ne, tunda ribarsa ba tsayayya ba ce.